Kafin ka tura kuɗin allurar Hajiya ga kantin intanet

Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta shekara tara tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma ni ke saya mata magani. Allurar insulin da take yi ta yi tsadar da wani watan sai na ci bashi. Makon jiya na ga talla a Facebook ta wani kantin magani na intanet, farashinsu kusan rabin na gari. Shafin nasu yana da kyau, akwai tambarin NAFDAC a sama, na yi musu magana ta WhatsApp suka turo mini hoton satifiket ɗin CAC. Sun ce ba sai na nuna takardar likita ba, in tura kuɗi kawai, za su ba direba daga Legas in karɓa a tasha cikin kwana uku. Asusun da suka ba ni sunan mutum ne. Ta yaya zan gane ko suna da lasisi? Ina tsoron cutar da ita, ina kuma tsoron ranar da zan kasa saya.

Wani ɗa mai jinya, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Ka dakata da tura kuɗin nan tukuna. Binciken da zan nuna maka ba zai ci maka fiye da kwana biyu ba, kuma yawancinsa da wayar hannunka za ka yi.

Bari mu fara da takardu biyun da aka nuna maka, domin a nan ake rufe idon yawancin mutane. Satifiket ɗin CAC shaida ce cewa an yi wa wani suna rajistar kasuwanci. Mai sayar da siminti yana da irinsa, mai gidan burodi ma haka. Ba ya cewa komai a kan ko an yarda mai shi ya ajiye magani, balle ya sayar. Tambarin NAFDAC kuwa hoto ne, yaron da ya iya waya zai kwafo shi ya liƙa a shafi cikin minti ɗaya. Ko da ma ba kwafe ba ne, aikin NAFDAC a wannan fage shi ne yi wa shi kansa maganin rajista, wato ta duba wane kamfani ya yi shi, me ke cikinsa, wa ya shigo da shi. Hukumar da ke ba kantin magani izinin buɗe ƙofa daban ce. Sunanta Pharmacy Council of Nigeria, ana taƙaita shi PCN. A da ana kiranta Pharmacists Council of Nigeria, sabuwar dokar 2022 ce ta sauya sunan, saboda haka za ka iya ganin tsohon sunan a tsofaffin takardu. Ita ke yi wa masana harhaɗa magunguna rajista, waɗanda muke kira famasis, ita ke zuwa ta duba wurin da za a buɗe famasi, ita ke ba da lasisi, ita kuma ke garƙame wurin da ya saɓa. Tun 2021 tana da ƙa'idoji na musamman a kan masu sayar da magani ta intanet, waɗanda suka wajabta musu yin rajista da ita da kuma zama ƙarƙashin kulawar famasis mai lasisi. Mutanen da ka tambaya lasisi suka miƙo maka CAC, ko dai ba su san wannan ba, ko sun sani suna fatan kai ba ka sani ba. Duk biyun ba su yi mini daɗi ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, famasin intanet na gaskiya yana da jiki. A bayan shafin akwai shago ko ma'ajiya a wani titi mai suna, a wani gari, wanda jami'an hukuma suka taka da ƙafarsu suka duba, akwai kuma mutum guda mai suna da lambar rajista wanda shi za a kama idan aka sayar da abin da ya illata wani. Dukkan bincikenka neman waɗannan biyun ne, wurin da mutumin.

Saboda haka ka koma WhatsApp ɗin ka rubuta musu cikin ladabi cewa kana son cikakken sunan famasin kamar yadda yake a lasisin PCN, da adireshin wurin, da sunan famasis mai kula da shi da lambar rajistarsa, da hoton lasisin wurin na bana. Wannan ba neman rigima ba ne. A kowane famasi mai rajista ana rataye lasisin nan a bango inda kowa zai gani, ba sirri ba ne, kuma wanda yake da shi yakan ji daɗin a tambaye shi, don ya sha wahala kafin ya samu. Ka lura da yadda za su amsa. Mai gaskiya zai turo cikin ɗan lokaci. Maras gaskiya zai ce manaja ba ya nan, ko ya sake turo CAC, ko ya ɗauki fushi ya ce dubban mutane na saye a wurinsu ba wanda ya taɓa tambaya, ko ya ce rangwamen yau zai ƙare ka yi sauri. Da yawa daga nan ma zancen yake mutuwa, sai ka ga an daina amsa maka.

Idan sun turo hoton, ka buɗe shi ka karanta a natse, abu uku za ka duba. Na farko shekara. Lasisin famasi na shekara ɗaya ne, yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba, sai an sabunta. Takardar da ke ɗauke da shekarar da ta wuce da daɗewa tana nuna cewa an taɓa yin rajista, ba ta nuna ana da ita yau. Na biyu suna da adireshi: sunan da ke takardar ya zo daidai da sunan da ke shafin, da sunan da ke asusun bankin? Adireshin takardar shi ne wanda suka rubuta a shafinsu? Na uku irin lasisin. PCN tana ba masu kemis, wato ƙananan shagunan magani na unguwa, nasu lasisin daban, kuma wannan lasisi ya tsaya ne a kan magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba, irin su farasitamol da gishirin zawo da makamantansu. Insulin da maganin hawan jini ba sa ciki. Wanda ya nuna maka lasisin kemis yana son sayar maka da insulin, takardarsa ta gaske ce amma cinikin ya fi ƙarfinta.

To ko da duk wannan ya yi daidai, hoto dai hoto ne. Ana ɗaukar lasisin wani a goge suna a rubuta wani, ana kuma ɗaukar na wani famasi na ƙwarai yadda yake a yi ta damfara da sunansa alhali masu shi ba su da labari. Shaidar da mai sayarwa ya ba ka da hannunsa ba ta gama magana. Wanda ya ba da lasisin shi za a tambaya. Ka rubuta pcn.gov.ng da yatsanka a burauza, kada ka danna wata mahaɗa da su suka turo maka, don shafin bogi mai kama da na hukuma ba shi da wuyar ƙirƙira. Ka tabbata adireshin ya ƙare da .gov.ng, wanda aka keɓe wa hukumomin gwamnati. Daga nan ka nemo hanyar tuntuɓar hukumar. Hedikwatarta na Abuja, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Ka ba su sunan famasin da adireshinsa da sunan famasis ɗin, ka yi tambaya biyu a rarrabe: wurin nan yana da lasisin bana? An kuma yi masa rajistar sayarwa ta intanet? Na raba su ne da gangan, don shago zai iya samun lasisin sayarwa a kan kanta bai yi rajistar intanet ba. Idan zuwa Katsina zai yi maka nisa, ka shiga sashen magani na babban asibitin garinku ka nemi famasis ɗin da ke bakin aiki. Kowane famasis yana hulɗa da hukumar duk shekara saboda sabunta nasa lasisin, ya san wanda za a kira.

Bari in ba ka labarin yadda irin wannan ya kaya a hannuna. Wata ƴar'uwarmu ta kawo mini wayarta a kan maganin asma na ɗanta, shafi mai kyau kamar naka, har da hoton mutane sanye da farin kwat suna murmushi. Muka nemi lasisi, aka turo, mai hatimi da sa hannu, shekarar ma daidai. Adireshin wani titi ne a Ikeja. Muka saka shi a taswirar waya, sai ga famasi da wannan sunan a wannan wurin. Har ta fara cewa alhamdu lillahi. Na ce mu ƙara taki ɗaya. Muka bar lambar da ke shafin, muka nemo lambar shagon ta wata hanya dabam, ta hannun wani abokin karatuna da ke aiki a Legas, muka kira. Matar da ta ɗauka ta yi ajiyar zuciya ta ce mu ne na uku a watan. Ba su da wani shafi, ba sa aika magani ko'ina, wani ne ya shigo kamar mai saye ya ɗauki hoton lasisinsu da ke bango. Da muka koma muka duba da kyau, sai muka ga sunan shafin ya ɗara sunan shagon da harafi ɗaya, asusun bankin kuma sunan wani mutum ne da ba ya cikin takardar ko ta ina. Muka saka adireshin shafin a lookup.icann.org, inda ake ganin ranar da aka yi wa shafi rajista, ya nuna bai kai wata biyu ba, alhali a jikinsa an rubuta sun shekara goma suna hidima. Duk abin bai ɗauke mu awa uku ba.

Na san za ka ce ai akwai ɗan kwaɗon nan a gefen adireshin shafin, wanda ake cewa alamar tsaro ce. Kwaɗon yana nufin abin da ka rubuta yana tafiya a ɓoye tsakanin wayarka da shafin, wani na uku ba zai karanta a hanya ba. Ba ya ba da shaida a kan halin wanda ke ɗaya ɓangaren, kuma kyauta ake samunsa. Haka nan yabon da ake jerawa a ƙasan talla, da yawan mabiya, duk ana sayensu.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda ita kaɗai ta isa in ce maka a'a ko da ba ka binciki komai ba. Famasin da ke bin doka ba zai ba da insulin ko maganin hawan jini ga wanda bai sani ba sai ya ga takardar likita. Na intanet mai lasisi zai ce ka ɗauki hotonta ka tura, sau da yawa famasis ya kira ka ya yi tambayoyi. Wannan ba wahalarwa ba ce. Insulin kala-kala ne: akwai mai saurin aiki da ake yi dab da cin abinci, akwai mai dogon zango, akwai gauraye irin 30/70. Ƙarfinsa ma ya bambanta, akwai U-100 akwai U-40, kowanne da sirinjinsa. Idan aka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, abin da zai shiga jiki ya ninka abin da ake nufi sau biyu da rabi, suga ya faɗi warwas, tsohuwa ta kama gumi da rawar jiki, ta iya suma. Wanda bai tambaye ka wane iri Hajiya ke yi ba, bai damu da wanne zai saka a kwali ba.

Sai tafiyar. Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare, ba a barinsa a zafi. Ka kwatanta kwalin nan a bayan mota daga Legas zuwa Funtuwa, a ƙarƙashin buhuna, ga zafin inji ga rana, ya kwana a tasha yana jiran ka zo. Ko da na ainihi ne ya fito daga kamfani, abin da zai iso hannunka ƙarfinsa ya ragu, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa ido ba ya gani. Za a yi ta allura suga yana hawa, likita ya ɗauka adadin ne ya yi kaɗan ya ƙara, ranar da aka koma kan mai kyau da wannan ƙarin adadin kuma a faɗa ɗaya ramin. Mai lasisin da ya san aikinsa zai gaya maka tun kafin ka tambaya yadda zai kawo shi: a kula mai ƙanƙarar roba, cikin awa kaza, ta hannun wa. Wasu ma za su ce maka gaskiya ba sa kai insulin garinku saboda nisa. Wanda ya ce maka haka, ka riƙe lambarsa, mutumin kirki ne.

A kan farashi kuwa, ban raina halin da kake ciki ba. Tun 2023 da darajar naira ta faɗi magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, kowa ya ji a jikinsa. Amma ka yi lissafin ɗan kasuwa. Duk famasi mai lasisi daga hannun dilolin da aka sani yake saro kaya, ribar da ke tsakani ba ta kai a zabge rabin kuɗi a kuma biya kuɗin mota ba. Ragin kashi goma ko sha biyar cikin ɗari yana yiwuwa. Rabi kuwa sai ka tambayi kanka daga ina: jabu ne, ko wanda ya kusa lalacewa aka sake wa kwanan wata, ko na sata daga asibiti da ya kwana a rana, ko kuwa babu kayan ma sam, kuɗinka kawai ake jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Wannan a kasuwa gaba ɗaya ke nan, har da inda kake ganin fuskar mai shago.

A ce ka samu wani shafin da ya tsallake duk wannan, hukuma ta tabbatar, asusun da sunan kamfanin, sun nemi takardar likita. Saura duba kayan idan sun iso, don lasisin shago abu ɗaya ne, rajistar magani wani abu ne. A jikin kwalin ka nemi inda aka rubuta NAFDAC Reg. No., lamba ce mai kama da A4-1234 ko 04-1234. Ka shiga greenbook.nafdac.gov.ng, wato kundin magungunan da NAFDAC ta yi wa rajista, ka rubuta lambar ko sunan maganin. Kada ka tsaya a kan cewa lambar ta fito. Ka duba ko sunan maganin da ƙarfinsa da kamfanin da suka fito su ne ke jikin kwalinka, don masu jabu sukan ari lambar wani magani su buga a kan wani. Sannan ka gwada Batch No. da ranar Exp. da ke kwali da waɗanda ke jikin kwalbar ko alƙalamin allurar ko sashen ƙwayoyin, dole su zama iri ɗaya. Idan akwai wurin kankarewa mai ruwan azurfa, wanda aka fi samu a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, ka kankare ka tura lambar ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka buga a kwalin, amsa za ta zo. Rashinsa a kwalin insulin ba laifi ba ne, ba kowane magani ke da shi ba. Ka ajiye tsohon kwalin Hajiya ka jera su gefe da gefe, launi da rubutu da kaurin takarda. Insulin da ya saba zama garau kamar ruwa, idan ka gan shi da gurɓata ko ɗan gari-gari, kada a yi. Mai launin madara kuwa, idan aka murza shi a tafin hannu ya kamata ya haɗe sumul, ba gudaji, ba abin da ya manne a jikin kwalba. Ka taɓa shi lokacin karɓa, ya zo da sanyinsa. Ka nemi rasit mai sunan famasin, ka adana shi tare da kwalin har maganin ya ƙare. A kwanakin farko kuma a ƙara yawan gwajin suga da na'urar gida a rubuta a takarda, in lambobin suka tashi alhali abinci bai canja ba, a koma wurin likita da kwalbar a hannu.

Wani lokaci za ka ci karo da shafin da ya ce yana Indiya ko Ingila ko Amurka yana nuna lasisin can. Ko da na gaske ne, lasisin wata ƙasa bai mayar da maganin mai rajistar NAFDAC ba, kuma in abu ya ɓaci ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a nan. Ga insulin da zai yi makonni a hanya, wannan ma ba abin tattaunawa ba ne.

Game da waɗannan mutanen na Facebook, ra'ayina a fili yake: asusun mutum ɗaya, ba takardar likita, insulin a motar haya, rabin farashi, CAC a madadin lasisi. Cinikin biri a sama ne, ni ba zan tura ko sisi ba. Ka ɗauki hoton tallar da hirar da lambar asusun ka kai wa PCN ko ofishin NAFDAC na jiha, wataƙila ka tsare wata uwar.

Tsoronka na biyu kuma yana da magani a kusa. A zuwa asibiti na gaba ka gaya wa likitan Hajiya kai tsaye cewa kuɗin ya fi ƙarfinka. Likitoci suna jin wannan kullum, ba abin kunya ba ne. Ka tambaye shi ko za a iya mayar da ita kan insulin na kwalba da sirinji maimakon na alƙalami, wanda yawanci ya fi sauƙin kuɗi, ko wani iri mai rajista daga wani kamfanin. Shi zai tsara canjin da adadin, kada ku yi da kanku. Maganin hawan jinin ma, irin su amlodipine, kamfanoni da yawa ke yin sa da sunaye dabam-dabam a farashi dabam-dabam, famasis zai nuna maka mai rajista mai sauƙi. Ka kuma tambaya a asibitin yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, da ko magungunanta suna cikin waɗanda tsarin ke ɗauka. Kafin duk wannan ya kankama, kada a tsallake allura ko a rage ta don a ja kwanaki. Idan ta kusa ƙarewa kuma hannu babu, ka je asibitin tun da saura na kwana uku ko huɗu ka faɗa musu.

Ka gaishe mini da Hajiya da jiki.